Kalmar sirri: abu huɗu kawai ya kamata mutum ya haddace

Kwanakin baya wani abokina ya kira ni da wayar matarsa, muryarsa na rawa, ya ce imel ɗinsa ya ƙi buɗewa, kuma kafin ya gane abin da ke faruwa an kwashe kuɗin da ke asusunsa na waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ya yi ta maimaitawa: "Wallahi ban taɓa faɗa wa kowa ba, ban taɓa rubutawa a ko'ina ba, a kaina take." Gaskiya ya faɗa. Wannan mutum ne da na sha ba shi shawarar ya sa manhajar adana kalmomin sirri, shi kuma ya ce ba zai damƙa wa wata manhaja makullan gidansa ba alhali Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa.

Matsayata ita ce: wanda ya ce zai haddace duk kalmomin sirrinsa, a ƙarshe kalma ɗaya zai riƙe yana yi mata kwaskwarima, kuma wannan ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta ita. Manhajar adana kalmomin sirri ta fi hadda nesa ba kusa ba. Sai dai ban yarda da masu cewa a zuba komai da komai a cikinta ba. Akwai abu huɗu da wurinsu kai ne: lambar buɗe waya, babbar kalmar buɗe manhajar, kalmar sirrin imel, da lambar sirrin asusun kuɗi na waya. Sauran duka a bar wa manhaja.

Yadda aka shiga wa abokina

Mun zauna mun bi diddigin abin, don haka zan faɗe shi dalla-dalla, sai dai na canza kalmar. A ce kalmarsa `Damisa1990` ce, wato sunan da abokai ke kiransa da shi da shekarar haihuwarsa. Ita ce a imel. A wani shafin yana ƙara mata alamar motsin rai a ƙarshe, a wani kuma harafin farko na sunan shafin. A ganinsa kalmomi goma sha yake da su. A zahiri ɗaya ce.

Shekaru da suka wuce ya yi rajista a wani ƙaramin shafin neman aiki, ya ba da adireshin imel ɗinsa da wannan kalma. Ya manta ma ya taɓa shiga wurin. Da muka sa adireshinsa a shafin `haveibeenpwned.com`, wanda wani masanin tsaro ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya buɗe a 2013 don mutane su duba ko bayanansu sun fita, sai ga shi a jerin waɗanda aka sace bayanansu.

A nan ne mutane da yawa ba su fahimci yadda satar take ba. Ɓarawon bai san abokina ba, bai zauna yana canke ba. Idan aka fasa rumbun wani shafi, jerin adireshi da kalmomin sirri na yawo a hannun masu kutse, wani lokaci a sayar, wani lokaci a raba kyauta. Sai su ɗora jerin a kan na'ura ta riƙa gwada kowane adireshi da kalmarsa a manyan shafukan imel da na sada zumunta, dubbai a jere, ba gajiya. Wanda ya maimaita kalma, ƙofarsa ta buɗe. Kuma ba ƙananan shafuka kaɗai ake fasawa ba. An yi wa LinkedIn kutse a 2012, sai a 2016 aka gano bayanan sama da mutum miliyan 100 ne suka fita. Yahoo ya amsa a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi duk asusunsa biliyan 3.

Da suka shiga imel ɗin, ba su yi gaggawa ba. Mun tarar sun kafa wata doka a saitin akwatin da ke tura kwafin duk saƙon da ya shigo zuwa wani adireshi. A cikin tsofaffin saƙonninsa akwai hoton katin shaidarsa da ya taɓa aika wa wani, akwai takardar neman aiki mai ɗauke da ranar haihuwa da lambar waya, akwai saƙonnin da ke nuna kamfanin da yake ajiyar kuɗi. Da wannan suka kira shi a matsayin ma'aikatan kamfanin, suka faɗa masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da cinikin da ya yi na ƙarshe, suka ce ana ƙoƙarin shiga asusunsa, ya karanto musu lambar da za ta shigo yanzu don a toshe. Ya karanta. Saura lambar sirri mai huɗu, ita kuwa ba su ma tambaye shi ba. Sun gwada 1990 ta buɗe.

Duk abin nan bai faɗa wa kowa kalmarsa ba, kamar yadda ya rantse. Haddar ce ta tilasta masa zaɓen abin da ke da sauƙin tunawa, abin da ke da sauƙin tunawa kuwa daga rayuwar mutum ake ɗauko shi, rayuwar tasa kuma tana kwance a akwatin imel.

"Ai ni ina da dabarata"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji. Mutum zai ce yana da tushe ɗaya mai ƙarfi, sai ya ƙara haruffa biyu na sunan kowane shafi. Matsalar ita ce idan ɗaya ta fita a fili, duk mai ido zai ga tsarin. Wanda ya ga `Damisa1990fb` ba ya buƙatar malami ya faɗa masa abin da za a sa a sauran wurare. Manhajojin fasa kalmar sirri ma an riga an koya musu irin waɗannan dabaru: babban harafi a farko, shekara a ƙarshe, `@` a madadin `a`, sifili a madadin `o`. Abin da muke gani wayo ne, miliyoyin mutane sun riga mu yin sa.

Ga lissafi mai sauƙi. Kalma mai ƙananan haruffa takwas na boko tana da yiwuwa kusan biliyan 209. Adadin ya yi kama da mai yawa, amma a ce na'ura tana gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa, abin da ba gagara ba ne idan ɓarawo ya riga ya kwashe rumbun da ba a kulle shi da kyau ba, ƙasa da minti huɗu ta gama da su duka. Manhajar adana kalmomi kuwa za ta ƙirƙiro maka haruffa ashirin barkatai irin `q7Vt2mXz9LpR4wKd8sNf`, kowane shafi da tasa, kuma ba ta neman ka tuna ko ɗaya. Idan aka fasa shafin neman aiki, abin da ya fita a can ya tsaya. Wannan shi ne babban aikinta, kuma shi ne abin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba za ta iya ba idan asusu ya kai talatin ko arba'in.

Akwai wani amfani na biyu da ba a cika ambata ba, ni kuma ina ganin ya kusa kai na farko. Manhajar tana haɗa kowace kalma da ainihin adireshin shafinta. Idan aka turo maka saƙo mai mahaɗi zuwa shafin bogi da aka zana shi sak da na imel ɗinka, idonka zai iya ruɗuwa, yatsunka su rubuta abin da ka haddace. Manhajar ba za ta cike gurbin ba, domin adireshin bai yi daidai da wanda ta sani ba. Duk ranar da ka buɗe shafin da ka saba shiga ka ga ta yi shiru ba ta kawo maka kalmar ba, ka dakata ka duba adireshin da kyau. Kada ka je ka kwafo kalmar da hannu ka liƙa, nan ne ake rushe kariyar.

"To idan ita manhajar aka fasa fa?"

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na son masu kare manhajojin su riƙa wuce ta da sauri. An taɓa fasawa. A 2022 masu kutse suka shiga rumbun kamfanin LastPass, mai irin wannan manhaja, kuma a watan Disamba na shekarar kamfanin ya sanar cewa an kwashe kwafin ma'ajiyar abokan hulɗarsa. Kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke, amma adireshin shafukan da mutane ke da asusu a cikinsu ba a kulle suke ba.

Abin lura shi ne yadda ake gina irin waɗannan manhajoji. Ana kulle ma'ajiyar tun a cikin wayarka ko kwamfutarka da makullin da aka samo daga babbar kalmarka, sannan a aika da kullallen akwatin zuwa rumbun kamfani. Kamfanin ba ya riƙe babbar kalmar. Saboda haka wanda ya sace akwatin dole ya zauna yana gwada kalmomi har ya dace. Idan babbar kalmarka `Damisa1990` ce, ka shiga uku, domin yanzu komai naka yana wuri ɗaya. Idan doguwa ce da aka zaɓa barkatai, akwatin ya zame masa dutse, kai kuma ka samu lokacin canza abin da ke ciki.

Ke nan duk nauyin ya koma kan kalma ɗaya, ita ce kuma ta cancanci a ɓata lokaci a haddace. Hanyar da na fi yarda da ita tsohuwa ce, wani mai suna Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995, ana kiranta Diceware. Jeri ne na kalmomi 7,776, a jefa ɗan ludo sau biyar a samu lambar kalma ɗaya, a maimaita har a tara kalmomi shida. Kalmomi shida daga wannan jeri, ko da na'urar nan mai gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa ce, sai ta yi shekara wajen miliyan bakwai kafin ta ƙare duk yiwuwar. Sirrin shi ne ba kai ka zaɓa ba, ƙuri'a ce ta zaɓa. Manhajoji irin su Bitwarden suna da wurin ƙirƙiro irin wannan jerin kalmomi da kansu.

Mai son yi da Hausa zai iya, muddin ya bar ƙuri'a ta zaɓi shafin ƙamus da layin da zai ɗauka, ya kuma ƙara kalma ta bakwai. Abu biyu zan ja kunne a kai. Kada a ɗauki karin magana ko baitin waƙa, domin duk abin da aka taɓa rubutawa a jere yana iya shiga jerin gwaji. Sannan a guji haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, domin ranar da za ka buƙaci shiga daga wata na'ura, mai yiwuwa allon rubutunta ba shi da su.

Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye akwatinsa a rumbun wani kamfani ba, akwai KeePass da 'yan uwansa, waɗanda ke ajiye ma'ajiyar a matsayin fayil ɗaya a na'urarka. Sai dai ka sani ka ɗauki nauyin yin kwafi da kanka. Waya ta faɗa ruwa ba ka da kwafi, shi ke nan. Wanda kuma ke ganin duk wannan ya yi masa yawa, wayoyin Android suna zuwa da ma'ajiyar Google, na iPhone kuma da ta Apple, kuma ko su sun fi maimaita kalma ɗaya. Rauninsu shi ne yawanci lambar buɗe wayar ce ke buɗe su. Wanda ya leƙa ya ga lambarka sannan ya fizge wayar, yana iya samun duka. Shi ya sa lambar buɗe waya take cikin huɗun nan, kuma ta zama aƙalla shida, ba zanen da yatsa ke barin sawunsa a gilashi ba.

Me ya sa imel ba zai zauna a manhaja kaɗai ba

A nan na rabu da wasu masu ra'ayi irin nawa. Imel ba asusu ba ne kamar saura. Kusan kowane shafi idan ka danna `Forgot password`, can zai aika maka hanyar sake sabuwa. Wanda ya riƙe imel ya riƙe sauran.

Ka ɗauka an sace wayarka yau. Ka samo wata, ka sauke manhajar adana kalmominka, ka sa babbar kalmar daidai. Sai ta ce ba ta san wannan na'ura ba, ta aika lambar tabbatarwa zuwa imel ɗinka. Ka je buɗe imel, kalmarsa haruffa ashirin ne barkatai da ke cikin manhajar da ta ƙi buɗewa. Imel ɗin ya ce to zai aika lamba zuwa layinka, layin kuma yana cikin wayar da aka sace. Makulli na cikin ɗaki, ɗakin kuma a kulle. Mutane sun rasa asusun shekara da shekaru ta wannan hanya ba tare da wani ya yi musu kutse ba.

Maganin shi ne imel ya samu tasa doguwar kalmar, daban da ta manhajar, wadda ka haddace. Sannan a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya. Gmail yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma don ranar da waya ba ta hannu, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. A rubuta su a takarda.

Na san an daɗe ana cewa kada a rubuta kalmar sirri, kuma abokina ma da wannan yake alfahari. Amma a duba wa ake tsoro. Mai kutsen da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe akwatin da kake ajiye takardun makaranta ba. Takarda ɗaya mai ɗauke da babbar kalmar manhaja, kalmar imel da lambobin ko-ta-kwana, a ajiye inda ake ajiye muhimman takardu, ba a jakar hannu ba, ba a bayan waya ba, kuma ba hotonta a cikin waya ba. Idan a gidan ne kake da wanda ba ka amince da shi ba, wannan wani hali ne daban, sai ka nemi wurin da ke da makulli. Hadda tana gushewa. Wanda ya saba buɗe manhaja da zanen yatsa wata shida bai rubuta kalmar ba, ranar da aka tambaye shi sai ya ga ta tafi, kamfanin kuma ba shi da ita balle ya ba shi.

Lambar sirrin kuɗi

Ita wannan ko kusa ba na son a sa ta a manhaja. Dalilin a fili yake. Asusun kuɗi na waya yana tsaye ne a kan abu biyu: layin da ke hannunka da lambar da ke kanka. Idan lambar tana cikin wayar da layin yake, abu biyun sun zama ɗaya, wanda ya samu wayar a buɗe ya samu duka. Ga shi kuma lamba huɗu ko shida ce, kullum ana amfani da ita, ba ta da wuyar riƙewa. Masu tura kuɗi ta hanyar danna tauraro da lambobi ma, manhaja ba ta da inda za ta cike musu.

Lamba huɗu tana da yiwuwa 10,000 kacal. Abin da ke kare ta shi ne kamfanoni na rufe asusu bayan an yi kuskure 'yan lokuta kaɗan, galibi uku ko kusa da haka. Wannan kariya tana aiki ne kawai idan ɓarawo bai san inda zai fara ba. Wanda ya san ranar haihuwarka zai gwada shekarar, ya gwada rana da wata, ya gwada ƙarshen lambar wayarka. Gwaji ukun sun ishe shi. Don haka a bar manhajar ta ƙirƙiro lambar barkatai, a haddace ta, kada a adana ta a ciki. Kuma kada ta zama ita ce lambar buɗe waya, domin wannan kana danna ta a gaban mutane sau hamsin a rana.

Idan manhajar kamfanin kuɗin tana da kalmar shiga daban da lambar tura kuɗi, kalmar shigar ta tafi ma'ajiya, lambar turawa ta zauna a kai.

Dole in faɗi iyakar abin da nake karewa. Ko da abokina yana da manhaja mafi kyau a duniya, ba za ta hana shi karanta wa mai kira lambar da ta shigo masa ba. Ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi wannan lamba ko lambar sirrinka. Haka kuma ba za ta hana a je a yi sabon sim da lambarka ta hanyar yaudara ba. Alamar wannan ita ce wayarka ta rasa sabis gaba ɗaya a wurin da na kusa da kai suke da shi, kuma kashewa da kunnawa bai dawo da shi ba. Idan haka ta faru a nemi kamfanin layi da na kuɗi nan take da wata wayar, kada a jira gobe. Shi kansa sim ɗin yana da tasa lambar kullewa a saitin waya, wadda ke hana a cire shi a sa a wata wayar a karɓi saƙonninka. A yi hattara wajen kunna ta, kuskure uku yana rufe shi sai an kawo lambar `PUK`, wato lambar buɗe sim da kamfanin layi ke bayarwa.

Abin da manhajar za ta yi wa abokina shi ne ta tsinke igiyar tun daga farko. Da kalmar shafin neman aikin daban take da ta imel, da ba su ga katin shaidarsa ba, da ba su san ranar haihuwarsa ba, da mai kiran bai samu abin da zai sa a yarda da shi ba.

Mun samu dawo da imel ɗin bayan kwana biyu, saboda tsohuwar kwamfutarsa tana nan a shige. Kafin komai muka canza kalmar, muka fitar da duk na'urorin da bai sani ba, muka goge dokar tura saƙon, muka mayar da lambar waya da adireshin farfaɗowa zuwa nasa, domin sun riga sun sa nasu. Wanda ya canza kalma ya bar waɗannan, za su dawo ta bayan gida. Sauran asusun bai canza su rana ɗaya ba, kuma ban ce ya yi ba. Duk wanda ya buɗe a harkarsa ta yau da kullum, sai ya bar manhajar ta yi masa sabuwa ta adana. Ya ce mini babbar kalmar ta ɗauke shi mako guda yana rubuta ta safe da yamma kafin ta zauna, kuma har yanzu duk ranar Juma'a yana kashe zanen yatsa ya rubuta ta da hannu. Kuɗin dai ba su dawo ba.